Karan ɗori da rubutun lamba a imel ɗin aiki: wanne ne doka, wanne ne tsarin gida?

Shin ma'aikacin da ya rubuta *long term plan* a imel, ba tare da ɗan gajeren layin nan tsakanin kalmomin biyu na farko ba, ya yi kuskure ne, ko kuwa shugaban da ya dawo masa da saƙon yana neman aibu ne kawai? Wanda kuma ya rubuta *5 days* maimakon *five days*, wace doka ya karya? Tambayoyin nan biyu suna yawan tasowa a ofisoshin da Turanci ne harshen aiki, kuma akasari gardamar takan ƙare ne da wanda ya fi muƙami ya ce haka aka koya masa. Abin da ke rikita mutane shi ne ana haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Akwai wurin da karan ɗori ko siffar lamba ke sauya ma'anar jimla, har ta kai ga an biya kuɗin da ba shi aka nufa ba, akwai kuma wurin da batun bai wuce zaɓin da wata ma'aikata ta yi wa kanta ba. Wanda ya iya rarrabe waɗannan biyu zai san inda ya kamata ya tsaya ya duba sau biyu, da inda zai bi tsarin gidan da yake aiki ya wuce.

## Aikin da karan ɗori yake yi

A Turanci kalmomin da ke siffanta suna kan zo ne kafin sunan, su jeru ɗaya bayan ɗaya, ba tare da wata alama da ke nuna wacce ke tare da wacce ba. Idan aka ce *small business owner*, mai karatu ba ya da tabbacin ko *small* tana siffanta sana'ar ce ko mai sana'ar, domin jimlar tana iya nufin mai ƙaramar sana'a, tana kuma iya nufin wani ƙaramin mutum mai sana'a. Da zarar an rubuta *small-business owner*, an ɗaure kalmomin biyu na farko sun zama sifa guda, kuma shakkar ta kau. Wannan shi ne ainihin aikin karan ɗori a irin wannan wuri: yana gaya wa mai karatu ya karanta kalmomin nan tare kafin ya ɗora su a kan sunan da ke biye.

Akwai dalilin da ya sa mai jin Hausa ba ya saurin lura da buƙatar hakan. A Hausa sunan da ake magana a kansa ne ke fara zuwa, sannan ɗafin da ke ƙarshen kalma ya riƙa nuna dangantaka, shi ya sa "shirin dogon zango" ko "kwangilar shekara uku" ba sa barin kowa cikin ruɗu. Karan ɗorinmu ya fi yin aiki a ninki, kamar daban-daban da tafiye-tafiye, da kuma a wasu harɗaɗɗun kalmomi. Saboda haka idan Bahaushe yana rubuta Turanci, ma'anar a fili take a kansa tun da ya riga ya tsara ta da Hausa, sai ya manta cewa kalmomin Turancin da ya jera ba su ɗauke da ɗafin da zai nuna wa mai karatu hanyar.

## Gaban suna da bayan suna

Ƙa'idar da kusan dukkan littattafan salon rubutu suka yarda da ita mai sauƙi ce. Idan kalmomi biyu ko fiye suka haɗu suna siffanta sunan da ke biye da su nan take, ana ɗaure su da karan ɗori, kamar *a long-term plan* ko *an up-to-date report*. Idan kuwa kalmomin sun zo bayan sunan, ko suna tsaye da kansu a matsayin suna, ba a ɗaure su, shi ya sa ake rubuta *we are planning for the long term* da *the report is up to date*. Dalilin shi ne a bayan suna babu wata kalma a gaba da za a ruɗe a haɗa su da ita. Gwajin da ya fi amfani shi ne mutum ya cire kalma ɗaya ya ga ko ma'anar ta tsaya. A *long-term plan*, ba ana nufin *long plan* ba ne, ba kuma *term plan* ba, don haka kalmomin biyu aiki guda suke yi, sai a ɗaure su. A *new office chair* kuwa, kujerar sabuwa ce kuma ta ofis ce, kowace kalma tana siffanta kujerar da kanta, babu abin ɗaurewa.

Togaciya guda ce ta cancanci a riƙe ta sosai. Bayanau da ke ƙarewa da *-ly* ba a ɗaure shi da kalmar da ke biye, saboda ƙarshen nasa ya riga ya nuna cewa kalmar gaba yake bayyanawa, don haka *a newly appointed director* daidai ne a haka. Sai dai ba kowace kalma mai wannan ƙarshe ba ce bayanau, domin *family* suna ce, kuma *a family-owned company* na buƙatar karansa. Haka nan akwai kalmar da ke cika imel ɗin ofis wadda kullum ake tuntuɓe a kanta: idan aikatau ce a rabe take, *I will follow up tomorrow*, idan kuma suna ce ko sifa sai a ɗaure ta, *a follow-up meeting*.

## Me ya sa ƙwararru ma suke saɓani

Masu cewa karan ɗori ya zama tsohon yayi suna da hujja, domin kalmomin Turanci kan fara a rabe, su koma ɗaurarru, daga baya su haɗe su zama guda. A bugu na shida na ƙamus ɗin *Shorter Oxford English Dictionary*, wanda ya fito a 2007, an cire karan ɗori daga kalmomi kimanin 16,000. Kalmar imel kanta ta bi wannan hanya, inda kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya daina rubuta *e-mail* ya koma *email* a 2011. A 2019 kamfanin ya sassauta ƙa'idarsa, ya ce ba dole ne a ɗaure kalmomin da kowa ya saba ganinsu tare ba matuƙar ma'anar a bayyane take, amma da ya kawo misalin *first quarter touchdown* sai editoci suka yi ta ƙorafi, kuma kafin shekarar ta ƙare ya mayar da karan a wannan misalin.

Ɗaya ɓangaren kuma yana cewa abin da marubuci yake ganin kowa ya sani, ba lallai ne mai karatu ya san shi ba. A ganina wannan hujjar ta fi ƙarfi a wurin aiki, inda imel guda kan bi ta hannun akanta da ɗan kwangila da abokin hulɗa na wata ƙasa, kuma yawancinsu Turanci harshensu na biyu ne ko na uku. Gaskiya ne *long term plan* ba zai ɓatar da kowa ba, kuma bai kamata a tsawata wa ƙaramin ma'aikaci a kansa kamar ya yi ɓarna ba. Amma wanda ya saba sa karan a wurin da babu haɗari, hannunsa zai sa shi a ranar da haɗarin yake, ranar kuwa galibi ita ce wadda lamba ta shiga cikin sifa.

## Idan lamba ta zama ɓangaren sifa

A nan ne batutuwan biyu suke haɗuwa, kuma a nan ne aka fi yin asara. Idan lamba da ma'auni suka haɗu suna siffanta suna, ana ɗaure su, sannan ma'aunin ya zauna a tilo, ba a jam'i ba: *a three-year contract*, *a 30-day notice*, *a 20-litre jerrycan*. Rubuta *a three years contract* kuskure ne da ya yaɗu ƙwarai a ofisoshinmu, kuma asalinsa a fahimce yake, tun da mutum ya san shekarun uku ne sai ya ga ya dace ya ƙara *s*. Wanda yake son jam'in dole ya sauya ginin jimlar, ya ce *a contract for three years*, ko ya yi amfani da alamar mallaka kamar a *two weeks' notice*, inda ba a sa karan ɗori.

Idan sifofi biyu suna tarayya a kalma ta ƙarshe, ana barin karan farko a rataye, a bar fili bayansa, kamar *two- and three-year contracts*. Mutane da yawa kan ɗauka kuskuren bugawa ne su goge shi, alhali shi ne ke nuna cewa akwai kwangilolin shekara biyu da na shekara uku. Sai kuma lambobin da ke tsakanin 21 da 99, waɗanda idan an rubuta su da kalmomi suke ɗauke da nasu karan, ban da cikakkun gomiya, misali *twenty-four* da *sixty-five*. Wannan karan na cikin lamba, idan ya ci karo da karan sifa, shi ne ke haifar da irin ruɗanin da za mu gani a misalin da ke ƙasa.

## Kalmomi ko alƙaluma: babu doka guda

Game da ko a rubuta *five* ko *5*, gaskiyar magana ita ce nahawun Turanci bai yanke hukunci ba, kowace ma'aikatar rubutu ce ta ja nata layin. Associated Press na rubuta ɗaya zuwa tara da kalmomi, daga 10 zuwa sama da alƙaluma, kuma jaridar Guardian ta Birtaniya ma haka take yi. Littafin *Chicago Manual of Style*, wanda masu buga littattafai a Amurka suka fi bi, ya fi son a rubuta sifili zuwa ɗari da kalmomi a rubutun da ba na kimiyya ba. Tsarin rubutun shafin gwamnatin Birtaniya kuwa ya nufi ɗaya gefen, inda ya ce a yi amfani da alƙaluma har ga 2 zuwa 9, a bar *one* kaɗai da kalma a mafi yawan wurare, saboda mai karatu a allo ido yake wurgawa yana neman lamba. Ashe ke nan shugaban da ya ce *5 days* kuskure ne, da ma'aikacin da ya ce daidai ne, kowannensu yana da babbar ma'aikata a bayansa.

Ga imel ɗin aiki, tsarin ɗaya zuwa tara da kalmomi shi ne mafi aminci idan ofis bai fitar da nasa ba, domin shi aka fi sabawa da gani. Amma akwai abubuwan da alƙaluma suka fi dacewa da su komai ƙanƙantarsu, wato kuɗi da kwanan wata da lokaci da kaso cikin ɗari da duk abin da ke tafe da gajartaccen ma'auni, kamar *5 kg* ko *3%*, saboda waɗannan su ne mai karatu zai dawo ya nema, ya kwafa, ya kwatanta da rasit. Akwai kuma ƙa'idoji biyu da kusan kowa ya yarda da su. Ba a fara jimla da alƙalami, sai a rubuta lambar da kalma ko a juya jimlar. Sannan idan lambobi biyu suka zo kafaɗa da kafaɗa, ana rubuta ɗaya da kalma ɗaya da alƙalami, kamar *three 40-foot containers*, don kada ido ya haɗe 3 da 40 ya karanta 340.

## Daga ina al'adar *five (5)* ta fito

Duk wanda ya taɓa karanta takardar ma'aikata a Najeriya ya san wannan salo na maimaita lamba da kalma da kuma alƙalami. Tushensa a takardun kuɗi da na shari'a yake, a zamanin da ake rubuta su da hannu, lokacin da ƙara sifili guda ko mayar da 1 ta zama 7 ba ya da wuya, amma sauya cikakkiyar kalma yana barin tabo. Dokar Birtaniya ta 1882 mai suna *Bills of Exchange Act* ta tanadi cewa idan adadin da aka rubuta da kalmomi ya saɓa da wanda aka rubuta da alƙaluma, na kalmomin ne abin biya, kuma dokar Najeriya mai wannan suna ta gaji tanadin. Shi ya sa har yau ake cike cak da duka biyun.

A cak da takardar yarjejeniya maimaicin yana da ma'ana. A imel ɗin da ke neman a kawo kujeru biyar kuwa ba ya kare komai, tun da babu mai karce saƙon da aka riga aka tura, kuma yana jawo wata matsala ta kansa. Mutum kan kwafi tsohon saƙo ya gyara alƙalamin ya manta da kalmar, sai a wayi gari da *five (7) days*, wanda ya karɓa kuma ba shi da hanyar sanin wanne aka nufa sai ya bugo waya. Shawarata ita ce a bar maimaicin ga babban adadin kuɗi a takardar da za a sa wa hannu, a rubuta lamba sau ɗaya a saƙon yau da kullum.

## Imel guda, daga farko zuwa ƙarshe

Mu ƙaddara jami'ar gudanarwa a wani kamfani ta tura wa kamfanin da ke ba su masu gadi wannan saƙo:

```
We need twenty four hour shifts covered in May.
15 guards will attend a three days training from 04/05/2026.
Please send five (5) 20 litre jerrycans.
```

Layin farko yana da karatu uku, kuma dukkansu masu yiwuwa ne a aikin gadi. Idan an nufi *twenty four-hour shifts*, zagaye ashirin ne, kowane na awa huɗu, jimilla awa 80. Idan *twenty-four hour-long shifts* ne, zagaye ashirin da huɗu ne na awa ɗaya-ɗaya, jimilla awa 24. Idan kuma *twenty-four-hour shifts* ne, ana neman gadin dare da rana, ba a ma faɗi zagaye nawa ba, kuma idan aka ɗauka watan Mayu ne gaba ɗaya, kwana 31 sau awa 24 ya ba da awa 744. Mu sa kuɗin awa guda naira 2,000 don lissafi. Karatu na farko zai kawo takardar neman biyan naira 160,000, na biyu naira 48,000, na uku naira 1,488,000. Babu kalma ɗaya da aka rubuta ba daidai ba a layin, shi ya sa manhajar duba rubutu ba lallai ta ja masa jan layi ba, kuma jami'ar ba za ta ga matsalar ba domin ta san abin da take nufi. Alamar da za ta sa mutum ya tsaya ita ce ganin kalmomin lamba biyu a jere, ma'auni yana biye da su, sannan suna a ƙarshe.

Ko da an sa karan a inda ya dace, ba zan bar naira dubu ɗari da sittin ta rataya a kan ɗan layin da mai karatu a waya zai iya tsallakewa ba. Idan adadi ya shafi kuɗi, gara a warware sifar gaba ɗaya, a faɗi yawan zagayen daban, tsawon kowane daban, a kuma ƙara jimilla domin ta zama shaida ga sauran.

Layi na biyu yana da matsala uku. Ya fara da alƙalami, wanda ƙaramin aibu ne da juya jimla ke magancewa. Yana da *three days training*, da ya kamata ya zama *three-day*. Sai kwanan watan, wanda shi ne mai haɗarin: a Najeriya da Birtaniya 04/05/2026 na nufin 4 ga Mayu, amma ga Ba'amurke 5 ga Afrilu ne, domin su wata suke fara rubutawa. Maganin shi ne a rubuta sunan watan da kalma, a kuma ƙara ranar mako, tun da 4 ga Mayun 2026 Litinin ce, 5 ga Afrilu kuwa Lahadi, kuma duk wanda ya ga ranar ba ta dace da kalandarsa ba zai gane da sauri. A layi na uku sai a cire maimaicin, a ɗaure lamba da ma'auninta, a bar *five* da kalma tun da wata lambar tana manne da ita. Ga yadda saƙon zai koma:

```
We need cover for 20 shifts in May, each four hours long (80 hours in total).
On Monday 4 May 2026, 15 guards will begin a three-day training course.
Please send five 20-litre jerrycans.
```

Mai lura zai ga cewa a layi na biyu gyaran ya kawo 2026 kusa da 15, waƙafi kaɗai ke tsakaninsu, wato mun kauce wa wata ƙa'ida mun faɗa wata. Ya fi kyau a rubuta *Fifteen guards will begin a three-day training course on Monday 4 May 2026*, a bar kwanan watan a ƙarshe inda babu lambar da za ta manne da shi.

## Idan saƙon zai ƙetare iyaka

Akwai wani abu da ya shafi masu aiki tsakanin Najeriya ko Ghana da maƙwabtansu da ke rubutun ofis da Faransanci, kamar Nijar da Chadi da mafi yawan Kamaru. A Turanci waƙafi ne ke raba dubbai, aya kuma ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta, amma a Faransanci waƙafi ne ke raba ɓurɓushin, dubbai kuma a bar musu fili, wasu kuma su sa aya. Ɗan kasuwar Maraɗi da ya rubuta 1.500 yana nufin dubu da ɗari biyar, abokin cinikinsa na Kano yana iya karanta ɗaya da rabi, haka kuma 2,500 da aka turo daga Kano tana iya zama biyu da rabi a idon wanda ya yi karatunsa a Damagaram. Kalmar *billion* ma ba ɗaya ba ce a harsunan biyu, domin a Turancin yau miliyan dubu ce, wadda Faransanci ke kira *milliard*, yayin da *billion* ta Faransanci take nufin miliyan sau miliyan.

A irin wannan saƙo ne kaɗai nake ganin maimaita adadi da kalmomi yana da amfani na gaske a imel, domin ba magudi ake tsoro ba, bambancin karatu ne. Idan ana maganar tan 2,500 na kaya, sai a rubuta *2,500 tonnes*, a biyo da *two thousand five hundred* sau ɗaya a farkon ambato, a kuma faɗi sunan kuɗin a fili, naira ce ko sefa ko dalar Amurka, kafin a tura farashi.